Waken soya da ormon na mata: inda suka yi kama da inda suka bambanta

Jama'a masu karatu, wanda duk ya bi ta bakin tasha ko ƙofar makaranta a Maraɗi, Damagaram ko Yamai da maraice, ya san ƙamshin tuyar awara. Abinci ne mai araha, yana ƙosarwa, kuma yara da manya suna sonsa. Amma akwai wata magana da take yawo a kansa. Waɗansu suna cewa waken soya yana ɗauke da ormon na mata, saboda haka yana rage ƙarfin namiji, ko kuma yana tayar da ciwon daji na nono. Waɗansu kuma suna cewa magani ne ga macen da haila ta ɗauke mata. Kowane ɓangare ya riƙe wani yanki na gaskiya, ya saki sauran.

Abin da binciken masana ya tabbatar shi ne, a cikin waken soya akwai waɗansu sinadarai da ake kira izofilabon. Suna cikin dangin da ake yi wa laƙabi da fitowestirojen, watau estirojen na tsiro. Manyansu biyu ne, jenisteyin da dayidzeyin. Wajen rabin izofilabon na wake jenisteyin ne, shi ya sa za mu fi tsayawa a kansa. Waɗannan sinadarai suna iya zama a gurbin da ormon na jikin mace yake zama. Sai dai kama da wane ba ta wane. Sun bambanta da shi ta fuska uku: gurbin da suka fi so, yadda suke zama cikinsa, da kuma yawan abin da yake isa wurin bayan an ci abinci. Waɗannan abubuwa uku su ne za mu bi ɗaya bayan ɗaya.

Yadda ormon na jiki yake aikinsa

Ormon saƙo ne da wata gaɓa ta jiki take zubawa cikin jini domin wata gaɓa ta nesa ta karɓa. Mafi ƙarfi cikin estirojen na jikin ɗan Adam shi ne estiradiyol. Ga macen da take haila, gidan ƙwai ne yake yin mafi yawansa. Namiji ma yana da shi, amma kaɗan. Shi ne yake kaurara shimfiɗar mahaifa kowane wata, yake girmar da nono lokacin balaga, yake kuma kare ƙashi daga zaizayewa.

Jini yana kai estiradiyol ko'ina, amma ba kowace ƙwayar jiki ce take jin saƙonsa ba. Sai wadda take da makarɓi a cikinta. Makarɓi wani furotin ne, watau dogon zare da aka jera da ƙananan duwatsu kamar na abin wuya, sa'an nan aka nannaɗe shi. Wani masani Ba'amerike, Elwood Jensen, shi ne ya fara nuna akwai shi a shekarar 1958 a birnin Shikago.

A cikin wannan naɗi akwai wani ɗan rami wanda za mu iya kwatanta shi da batta mai murfi. Idan estiradiyol ya shigo cikin ƙwaya, sai ya shige cikin battar. Yana da wuri biyu na riƙewa, ɗaya a kowane ƙarshe, kuma kowanne yana manne wa nasa gefe na battar. Da zarar ya zauna daidai, sai wani yanki na makarɓin, wanda masana suke kira murɗe na 12, ya kifo ya rufe bakin battar kamar murfi. Rufewar nan ita ce muhimmin abu, domin idan murfin ya zauna ram, sai wani ɗan kwari ya bayyana a bayan makarɓin. Makarɓa biyu su haɗu, su kama zaren gado da ke cikin cibiyar ƙwaya, sa'an nan waɗansu furotin mataimaka su zo su dafe cikin wannan kwari. Su ne suke sa a fara karanta umurnin da ke rubuce cikin zaren gado, kamar a ce wa ƙwayar mahaifa ta rabu biyu ta ƙaru.

Ke nan aikin yana da hawa uku: shiga batta, rufe murfi, da zuwan mataimaka. Abin da ya shiga batta amma bai rufe murfi da kyau ba, ya tare gurbi ne kawai, bai isar da saƙo duka ba.

Me ya sa jenisteyin yake iya shiga wannan batta tun farko? Domin tsawonsa kusan ɗaya ne da na estiradiyol, nauyinsu ma kusan ɗaya. Shi ma yana da wurin riƙewa a kowane ƙarshe, kuma tazarar da ke tsakanin wuraren biyu ta ɗan wuce nanomita ɗaya ga kowannensu. Nanomita ɗaya shi ne kashi ɗaya idan an raba milimita gida miliyan. Amma a tsakiya sun sha bamban. Estiradiyol zobba huɗu ne a manne da juna, mai ɗan kauri, kuma jikinsa kamar mai yake. Jenisteyin zobba uku ne, ya fi faɗi da sirantaka kamar faifai, kuma yana da ƙarin ƙwayoyin iskar oksijen a gefensa. Wannan bambanci na tsakiya shi ne tushen duk abin da zai biyo.

Bambanci na farko: makarɓa biyu ne, ba ɗaya ba

Shekaru da yawa ana zaton makarɓin estirojen iri ɗaya ne tak. Sai a shekarar 1996, a cibiyar Karolinska ta ƙasar Suwidin, George Kuiper da Jan-Ake Gustafsson da abokan aikinsu suka gano na biyu a cikin furostat na ɓera, watau ɗan naman nan da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji. Tun daga nan ake kiran na farko alfa, na biyu kuwa beta.

Ba a raba su daidai cikin jiki ba. Alfa ya fi yawa a mahaifa da hanta, kuma shi ne yake jan ragamar girman nono. Beta ya fi yawa a gidan ƙwai, da furostat, da babban hanji, da huhu, da mafitsara. Akwai gaɓoɓi kamar ƙashi da nono da ƙwaƙwalwa inda ake samun su biyun. Aikinsu ma ba ɗaya ba ne. A mahaifa da nono, alfa ne yake ba da umurnin ƙwayoyi su rarrabu su ƙaru. Beta kuwa, a gwaje-gwajen da aka yi da ƙwayoyin da ke ɗauke da su biyun, sau da yawa yana rage gudun alfa ne, kamar linzami ga doki.

To, estiradiyol ba ya zaɓe. Yana kama alfa da beta da ƙarfi kusan ɗaya. A shekarar 1998 masanan nan na Suwidin suka auna ƙarfin kamun sinadaran tsiro iri-iri, suka ba estiradiyol maki 100 domin ya zama ma'auni. Jenisteyin ya sami 87 a kan beta, amma 4 kaɗai a kan alfa. Dayidzeyin ya fi shi rauni nesa ba kusa ba: rabin maki a kan beta, kashi ɗaya cikin goma na maki a kan alfa. Waɗansu ɗakunan bincike da suka sake awon ta wata hanya sun sami maki ƙasa da waɗannan, domin sakamakon yana canjawa bisa yadda aka shirya gwajin. Amma duka sun haɗu a kan abu ɗaya: jenisteyin ya fi son beta bisa alfa nesa ba kusa ba.

Abin mamaki shi ne, battar alfa da ta beta kusan iri ɗaya ce. Cikin duwatsu wajen ashirin da suke kewaye da ramin, biyu ne kawai suka bambanta. A gefe ɗaya, inda alfa yake da dutsen da ake kira lusin, beta yana da metiyonin. A ɗaya gefen, inda alfa yake da metiyonin, beta yana da izolusin. Wannan musanya ta sa battar beta ta ɗan fi ƙanƙanta, kuma siffarta ta fi dacewa da abu mai faɗi da sirantaka. Jenisteyin yana kwanciya cikinta lafiya. A cikin alfa kuwa gefensa mai oksijen yana gogar dutsen da bai dace da shi ba, saboda haka ba ya daɗewa sai ya fice. Duwatsu biyu cikin zare mai duwatsu fiye da 500 su ne suka haifar da wannan ninki na 20.

Bambanci na biyu: murfin ba ya zama ram

Shiga batta abu ɗaya ne, rufe ta kuma wani abu dabam. A shekarar 1997 masana na jami'ar Yok ta ƙasar Ingila suka daskarar da makarɓin alfa, suka haska shi da hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi, har suka fitar da siffarsa. Sun ga cewa idan estiradiyol ne a ciki, murfin yana rufe sarai. Idan kuwa maganin ralokzifen ne, wanda ake bayarwa domin ya toshe aikin estirojen a nono, sai wani dogon hannu nasa ya fito ta bakin battar ya ture murfin gefe. Murfin ya je ya kwanta cikin kwarin da mataimaka suke dafewa, ya tare masu wuri. Ta haka ne maganin tamokzifen ma, wanda ake ba masu ciwon daji na nono, yake aikinsa.

A shekarar 1999 a wannan jami'a, Ashley Pike da abokan aikinsa suka yi irin wannan hoto da makarɓin beta ɗauke da jenisteyin. Jenisteyin ba shi da dogon hannu, ya shige ciki gaba ɗaya kamar estiradiyol, kuma ya riƙe gefe biyun nan. Duk da haka murfin bai zauna inda estiradiyol yake zaunar da shi ba. Ya karkata, ya fi kusa da inda yake kwanciya idan maganin toshewa ne a ciki. Bayan ƴan shekaru waɗansu masana suka sake hoton, amma wannan karo suka sa wani guntu na mataimaki tare. Sai ga murfin ya rufe daidai.

Waɗannan hotuna biyu ba su ƙaryata juna ba. Abin da suka nuna shi ne, estiradiyol da kansa yake danne murfin, jenisteyin kuwa yana barinsa yana lilo, wani lokaci a rufe, wani lokaci a karkace. Idan akwai mataimaka da yawa kusa, sukan riƙe shi a rufe. Idan kaɗan ne, sai ya koma gefe. Shi ya sa ake cewa jenisteyin yana isar da saƙo rabi-rabi. Kuma tun da yake kowace gaɓa tana da nata irin mataimaka da nata yawansu, sinadari ɗaya yana iya yin ɗan aiki a wata gaɓa, a wata kuma ya yi shiru. Gwaje-gwaje sun kuma nuna cewa idan jenisteyin ne a ciki, mataimaka sun fi saurin zuwa wurin beta bisa wurin alfa. Ke nan fifikon beta ya zo sau biyu, wajen kamu da wajen kiran mataimaka.

Bambanci na uku: doguwar hanya daga faranti zuwa ƙwaya

Estiradiyol daga gidan ƙwai yake faɗawa cikin jini kai tsaye. Jenisteyin kuwa sai ya biyo ta baki da hanji da hanta. Bari mu ɗauki misalin mace mai shekara 55, wadda haila ta ɗauke mata, ta ci awara garam 100 da maraice.

A abincin soya na gargajiya, kowane garam na furotin yana tafe da wajen miligaram 3 da rabi na izofilabon. Saboda haka garam 100 na awara, ko kofi ɗaya na madarar soya mai rubu'in lita, yana ba da wajen miligaram 25. Wannan awo yana hawa yana sauka bisa irin waken da ƙasar da aka noma shi, kuma wani abu yana tafiya cikin ruwan da ake tsiyayewa bayan an zuba ruwan tsami madarar ta kama. Man soya kuwa kusan babu izofilabon cikinsa. Domin kwatanci, dattawan ƙasar Japon sukan ci miligaram 25 zuwa 50 kowace rana, mutanen Turai da Amerika kuwa ƙasa da 3.

A cikin wake, mafi yawan jenisteyin a ɗaure yake da sukari, kuma a haka ba ya ratsa bangon hanji. Sai sinadaran narkar da abinci na hanji da ƙananan halittun da ke zaune cikinsa sun yanke sukarin tukuna. Da ya ratsa, bangon hanji da hanta sukan ɗauke shi tamkar baƙon abu da ya kamata a fitar. Sai su rataya masa wani kaya mai narkewa cikin ruwa, domin ƙoda ta iya zubar da shi cikin fitsari. Jenisteyin mai ɗauke da wannan kaya ya yi girma, ba ya shiga batta da kyau. A jikin ɗan Adam fiye da kashi 95 cikin 100 na wanda yake cikin jini a haka yake. Ɗan ragowar da ya tsira ba kaya shi ne mai aiki.

A jinin matar nan, izofilabon zai kai ƙololuwa bayan awa 4 zuwa 8 da cin abinci, sa'an nan rabinsa ya fita cikin wajen awa 8. Kafin maraicen gobe kusan duka ya tafi. Wanda ya auna jimillarsa a lokacin ƙololuwa zai iya firgita, domin takan ninka estiradiyol sau dubu ko fiye. Amma wannan lissafi ya haɗa har da masu ɗauke da kaya. Idan aka cire su, aka kuma tuna da raunin kamu da lilon murfi, sai a ga abin ya ragu ƙwarai.

Akwai kuma wani bambanci tsakanin mutum da mutum. A hanjin waɗansu mutane akwai ƙananan halittun da suke juya dayidzeyin, wanda muka ga rauninsa, ya koma wani sinadari mai suna ekwol. Ekwol ya fi dayidzeyin ƙarfin kamu, kuma shi ma ya fi son beta. A ƙasashen Turai da Amerika wajen mutum 25 zuwa 30 cikin 100 ne suke yin ekwol, a gabashin Asiya kuwa wajen rabi ko fiye. Mata biyu suna iya cin awara cikin faranti ɗaya, abin da ya isa makarɓansu ya bambanta.

Ɗan lissafi: inda fifiko yake ƙarewa

Yanzu bari mu haɗa abubuwan nan da lissafi mai sauƙi. Mu ɗauka akwai makarɓan beta 100 da na alfa 100, babu estiradiyol kusa, kuma jenisteyin ya fi son beta sau 20. Masana suna da ƙa'idar da take nuna yawan battocin da za su cika bisa yawan sinadarin da ke kewaye da su.

Idan jenisteyin ya kai awon da zai cika rabin beta, watau 50, to alfa wajen 5 ne kawai za su cika. A nan fifikon a fili yake: linzami yana aiki, doki kuwa da ƙyar aka taɓa shi. Idan aka ninka wannan awo sau 20, beta za su kai 95, watau sun kusa cika, ba su da sauran wurin ƙari. Amma alfa sun tashi daga 5 zuwa 50. Idan aka ninka awon farko sau 100, beta 99 ne, alfa kuwa sun wuce 80.

Darasin shi ne, son da jenisteyin yake yi wa beta fifiko ne kawai, bai hana shi kama alfa ba. Idan kaɗan ne, beta yake taɓawa. Idan ya yi yawa, beta ba su ƙaruwa da kome, duk ƙarin yana tafiya ga alfa, wanda shi ne mai sa ƙwayoyin mahaifa da nono su rarrabu. Abincin yau da kullum yana ajiye mutum a ƙasan wannan tsani. Abin da yake hawar da shi sama shi ne tarin sinadarin da ya wuce na abinci, ko jikin da ba ya iya rataya masa kaya.

Idan kuma akwai estiradiyol da yawa, kamar ga mace mai shekara 25, to shi ne yake cika mafi yawan battocin, jenisteyin sai dai ya sami ɗan gurbi nan da can. Binciken da aka tattara a shekarar 2009 ya nuna cewa ga mata masu haila, cin soya bai canja yawan estiradiyol na jini ba, sai dai tsawon zagayen wata ya ƙaru da wajen kwana ɗaya.

Inda abin ya ɓaci, da dalilinsa

Tsoron da ake ji yana da asali. A shekarun 1940, a yammacin Ostiraliya, tumaki suka rage haihuwa ƙwarai. Da aka bincika sai aka ga wata ciyawa ce da aka shuka masu a makiyaya, dangin wake, mai cike da izofilabon. Tumakin suna kiwonta safe da yamma wata da watanni, kuma tumbinsu yana juya sinadarin ya koma ekwol da yawa. Sun hau can saman tsani, har mahaifarsu ta lalace.

A shekarar 1998 kuma, a jami'ar Ilinoi ta Amerika, aka dasa ƙwayoyin ciwon daji na nonon mutum a jikin ɓeraye waɗanda aka cire masu gidan ƙwai, aka ba su jenisteyin cikin abinci. Ƙarin ya girma. Wannan gwaji gaskiya ne, amma a lura da abu biyu. Ƙwayoyin da aka dasa alfa ne kusan duka a cikinsu, ba su da linzamin beta. Sa'an nan jikin waɗannan ɓeraye ba ya rataya wa jenisteyin kaya kamar na mutum, saboda haka wanda yake yawo sake cikin jininsu ya fi namu nesa.

Da aka koma ga mutane sai aka ga wani abu dabam. A birnin Shanghai na ƙasar Sin aka bi mata fiye da 5,000 da aka yi wa maganin ciwon daji na nono, aka bayyana sakamako a shekarar 2009. Waɗanda suka fi cin abincin soya ba su fi saura komowar ciwon ba, hasali ma mutuwa da komowar ciwo sun yi ƙasa a cikinsu da wajen kashi 30 cikin 100. Wannan bincike na lura ne da abin da mutane suke ci da kansu, saboda haka bai isa a ce soya magani ce ba. Amma ya nuna abin da ya faru ga ɓeraye bai faru ga matan nan ba.

Yadda ake gane ko alfa ya motsa

Likitoci suna da hanyar gane ko wani abu yana aikin estirojen cikin jiki. Idan aka ba macen da haila ta ɗauke mata estiradiyol shi kaɗai, shimfiɗar mahaifarta takan kaurara, kuma ana ganin haka da na'urar hoton ciki. A gwaje-gwaje da yawa da aka yi da izofilabon, wannan shimfiɗa ba ta kaurara ba. A shekarar 2015 hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta duba binciken da ake da shi a kan ƙwayoyin izofilabon da ake sayarwa, ba ta sami alamar cutarwa ga nono ko mahaifa ba ga mata lafiyayyu da haila ta ɗauke masu, a iyakar awo da tsawon lokacin da aka gwada. Amma wani gwaji na ƙasar Italiya da aka bayyana a 2004, inda mata suka sha miligaram 150 kullum har shekara 5, ya sami kaurin shimfiɗa fiye da ƙima ga kaɗan daga cikinsu, ƙasa da 4 cikin 100, alhali ba a same shi ga waɗanda ba su sha ba. Miligaram 150 ya ninka na farantin awarar da muka yi misali da shi sau 6.

Ga maza, ma'aunin shi ne testosteron na jini. A shekarar 2021 aka tattara gwaje-gwaje 41, ba a ga soya ko izofilabon sun rage shi ba, ba su kuma ƙara estirojen ba. An dai ba da labarin wani dattijo mai shekara 60 a Amerika a 2008, wanda nononsa ya kumbura, aka gano yana shan madarar soya kusan lita 3 kowace rana. Da ya daina, abin ya lafa. Shi ma can saman tsani ya hau.

Raunin da ya sa ba ya cutarwa shi ne kuma ya taƙaita amfaninsa. Ga zafin jiki da zufar da suke taso wa mace farat ɗaya bayan ɗaukewar haila, izofilabon yana rage yawan tasowarsu da wajen kashi 20 cikin 100 bisa abin da ƙwayar banza take yi, kuma sai an yi makonni ana sha. Estiradiyol na likita yana rage su da wajen kashi 75.

Saboda haka, jama'a masu karatu, wanda yake cin awara ko yake shan kunun soya sau ɗaya ko sau biyu a yini yana cikin awon da mutanen gabashin Asiya suka daɗe suna ci. Ƙwayoyin izofilabon da ake sayarwa cikin kwalba kuwa wani abu ne dabam, domin suna tara na faranti da yawa cikin loma ɗaya. Macen da aka taɓa yi wa maganin ciwon daji na nono ko na mahaifa, ko wadda take shan tamokzifen, kada ta fara shan irin waɗannan ƙwayoyi sai ta nuna wa likitanta kwalbar, ya karanta yawan miligaram da ke cikin kowace ƙwaya.